Wayar batirin inbatata tana zafi har robarta ta fara narkewa, laifin waya ne ko na inbata?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani. Solata ta kai wata takwas da ɗaurawa a nan Kano: inbata mai bolt 24 wadda aka ce tana ɗaukar wat 3000, batir tubula biyu masu amfiya 220, da fanel shida a kan rufi. Batiran da inbatar duk suna cikin ɗan siton da ke ƙarƙashin bene. Shekaranjiya uwargida tana guga, an kuma kunna famfon rijiya, sai muka ji ƙaurin roba. Da na buɗe siton, jar wayar da ta taso daga batir zuwa inbata ba ta taɓuwa don zafi, robar bakinta ta yi baƙi ta tattare. Na kira yaron da ya ɗaura, ya ce ba komai, zafin gari ne, in naɗe wurin da salatif. Hankalina bai kwanta ba. In canja inbatar ne ko yaya?

Dan_Zariya:
Wa alaikumus salam. Lodi ne ya yi yawa, ba wani abu ba. Wa ya ce maka ana guga da sola? Ka hana guga kawai, shi ke nan magana ta ƙare.

Sani_MaiWayarin:
Alhaji, kafin komai kada ka sa salatif ɗin nan, kuma kada a sake kunna dutsen guga ko famfo sai an gyara. Ka duba mana abu uku. Me aka rubuta a jikin wayar, mili nawa ce? Nawa ne tsawonta daga batir zuwa inbata? Sannan zafin nan, duk tsawon wayar ne ko kuwa bakinta ne kawai, wurin da aka ɗaure ta da noti?

Abban_Hanifa:
Malam Sani, an rubuta 16 a jikinta. Tsawon zai kai mita biyu da rabi, don inbatar tana rataye a bango sama da batiran. Duk wayar ta yi ɗumi sosai, amma inda ya ƙone wurin kan batir ne.

Sani_MaiWayarin:
To, inbatarka ba ta da laifi. Bari mu yi lissafin tare. Dutsen guga yana jan kamar wat 1200. Famfo mai doki ɗaya ka sa masa 900. Firiza da fankoki da fitilu ka ce 300. Jimla wat 2400 ke nan, kuma inbatar za ta iya ɗauka, shi ya sa ba ta yi kuka ba.

A ɓangaren soket, inda wuta take bolt 230, wat 2400 amfiya 10 ne da 'yan kai. Wayar soket ta gida mai mili biyu da rabi ta ishe shi. Amma a ɓangaren batir bolt 24 ne kawai, don haka dole amfiya ta ninka kusan sau goma kafin a samu wannan ƙarfin. Ita kanta inbatar tana cinye kamar kashi goma cikin ɗari, batir kuma idan aka danne shi yana sauka zuwa wajen bolt 22. Raba 2400 da 0.9, ka sake rabawa da 22, za ka samu amfiya 120 da ɗoriya. Waya mai mili 16, idan jan ƙarfe ce ta gaske, iyakarta wajen amfiya 80 ne. Ka ɗora mata 120.

Kuma zafin waya ba ya tafiya daidai da amfiya. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Wanda ya wuce ƙa'ida da rabi, zafin da yake samu ya fi ninki biyu na abin da aka yi robar ta jure. Yaran da suka koyi wayarin gida suka shigo sola nan suke faɗawa, don idonsu ya saba ganin mili 16 a matsayin ƙatuwar waya, irin wadda ake shigo da wutar Nepa gida da ita.

Dan_Zariya:
Ai ka ga maganata ta fito, lodi ne. Cire guga, saura wat 1200, amfiya 60, wayar ta ɗauka.

Sani_MaiWayarin:
Dan_Zariya, a yau ka yi gaskiya. Amma wa zai tsaya gadi a bakin soket? Ranar da Alhaji ya yi tafiya baƙuwa ta jona hita fa? Ana auna waya ne da iyakar abin da inbata za ta iya ja, ba da alƙawarin mutanen gida ba.

Ummi_Injiniya:
Ina goyon bayan lissafin Malam Sani, amma akwai abin da ya tambaya bai koma kansa ba. Alhaji ya ce wurin kan batir ne ya ƙone. Da ƙanƙantar waya ce kaɗai, da robar ta yi laushi ko'ina daidai wa daida. Wuri ɗaya ya yi baƙi, wannan alamar ɗauri ne mara kyau. Ko notin ya saki, ko kuma kan wayar da guduma aka bubbuge shi maimakon a matse da abin matsewa, ko ma an murɗa zaren wayar ne a jikin notin kai tsaye. Ɗan sakin da ido ba ya gani, idan amfiya 100 ta bi ta cikinsa, yana iya haifar da zafin wat 50 a wurin da bai fi kan yatsa ba. Wurin ya yi zafi, ƙarfe ya buɗe, ya huce ya koma, ɗaurin ya ƙara saki, gobe zafin ya fi na yau. Yawancin allunan da na ga sun ƙone daga irin wannan wurin suka fara.

Game da "zafin gari" da yaron ya ce, bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Lambobin da ake ba wa waya an auna su ne a kan zafin digiri 30. A watan Afrilu a Kano, rufaffen sito yana kai 40 ko 45, kuma a nan sai ka rage wa waya mai robar gama-gari kashi 13 zuwa 21 cikin ɗari na abin da take ɗauka. Wato zafin gari dalili ne na ƙara kaurin waya. Shi kuma ya mai da shi dalilin sa salatif.

Baba_Gwammaja:
Allah Ya kiyaye. Ni dai tun farko na ce wannan faranti da ake shimfiɗawa a kan kwano shi ke jawo tsawa. Maƙwabcinmu bara da damina komai nasa ya ƙone.

Sadiq_Fanel:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya, wannan wata magana ce daban. Fanel ba ya kiran tsawa, sai dai idan ta faɗo kusa tana iya bin waya ta kashe inbata, shi ya sa ake binne ƙarfe a ƙasa a haɗa. Na Alhaji kuwa a cikin ɗaki abin yake, ba hadari ba ruwa.

Sani_MaiWayarin:
Hajiya Ummi ta gyara min, haka ne. Alhaji, ga wani gwaji. Idan za a cire wayar, ka kankare zarenta ɗaya da wuƙa. In ka ga ja har ciki, jan ƙarfe ce. In ka ga fari ya fito, alminiyon ce aka yi wa fenti. Ko ka kunna mata ashana: zaren jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na alminiyon zai lanƙwashe ya zube. A hannu ma za ka ji ba ta da nauyi.

Amma a bi tsari wajen cirewa. A buɗe ƙofar siton iska ta shiga tukuna. A kashe kayan gida, a kashe inbata, a yanke wutar fanel, sannan a taɓa batir. Mai aikin ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun sifanarsa, don in sifana ta haɗa kawunan batir biyu narkewa take yi a hannun mutum.

Abban_Hanifa:
Innalillahi. Na samu guntun da ya rage a cikin kwalin inbatar na kankare. Fari ne fat a ciki. Kuma kuɗin jan ƙarfe na biya.

Sani_MaiWayarin:
To ka gani. Sauƙin wucewar wuta a alminiyon kamar kashi 60 ne cikin ɗari na yadda take wucewa a jan ƙarfe mai kauri ɗaya. Wayarka mai 16 a aikace kamar mai 10 ce. Ka gode wa Allah da hancinku ya riga wutar.

Alhaji_MaiKaya:
Ku yi mana adalci mu 'yan kasuwa. Mutum zai zo shago, ka nuna masa ta gaske ka faɗi kuɗi, ya ce ga can an ba shi rabin haka. Wani lokacin ma mai ɗaurawar ne zai karɓi kuɗin mai kyau a hannun mai gida ya zo ya ce a ba shi "ta daidai kuɗi". Tun da aka cire tallafin mai a 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta a 2024, kowa ya koma sola, kowa kuma ya zama injiniya. Mutum zai kashe miliyoyi a batir da fanel, a kan wayar mita biyar zai tsaya ciniki. Shawarata, mai gida ya je da kansa ya sayi waya, a kankare a gabansa.

Maman_Ikram:
Don Allah ku ba ni dama in sako tawa, tunda ana maganar batir. Namu guda huɗu ne, a ɗakin yara suke cikin wani akwatin katako da kafinta ya yi mana mai murfi, don kada yara su taɓa. Kwanan nan da rana ina jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ina jin batiran suna ƙara kamar ruwa na tafasa. Maigidan ya ce haka suke yi in sun cika. Gaskiya ne?

Ummi_Injiniya:
Maman Ikram, don Allah yau ɗin nan yaran su bar ɗakin, a buɗe taga da murfin akwatin, a kashe cajin. Kada a kunna ashana ko maganin sauro a wurin.

Ɗan motsin ruwa kaɗan idan batir mai ruwa ya kusa cika, wannan daidai ne. Amma wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ba daidai ba ne. Yana nufin ana dafa batirin: ko cajin ya wuce ƙima, ko ɗaya daga cikinsu ya lalace a ciki sauran suna shan wutar da ta fi ƙarfinsu. Wannan iskar mai wari guba ce. A sa mita a auna kowane batir shi kaɗai ana cikin caji. Tubula mai bolt 12 yana cika ne a wajen 14.4 zuwa 14.8, sannan caja ta sauko da shi 13 da rabi ko sama kaɗan. In an ga ɗaya yana 16 wani yana 12, ko ɗaya ya fi sauran zafi, an samu mai laifin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya wari. Batir mai ruwa idan ya cika aka ci gaba da tura masa wuta, ruwan cikinsa ne ke rabewa, haidirojin ya fita. Ba shi da launi ba shi da wari, kuma da ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Batir huɗu gida 24 ne a ciki, kowanne yana da shida. Kowane gida yana fitar da kusan rabin lita a awa a kan kowace amfiya ɗaya da ta wuce buƙata. In an haɗa su a jere, caja ta rikice tana tura amfiya 10 bayan sun cika, lita ɗari da wani abu ke nan a awa. Akwatinku in ya yi girma iskar cikinsa lita 500 ce. Kashi 4 ɗinta lita 20. Ki lissafa da kanki, ba a kai kwata na awa ba.

Dan_Zariya:
Hajiya kina tsorata mutane. Shekara nawa muna kwana da batir a ɗaki, ba abin da ya faru. Haidirojin ai ba ya zama, ta ko'ina ficewa yake.

Ummi_Injiniya:
Ficewa yake in ya samu hanya, shi ya sa ɗakinka mai taga da silin mai ɓula bai taɓa ba ka matsala ba. Sama yake tashi don ya fi iska rashin nauyi. Akwati mai murfi, ko sito mai rufin kankare, nan yake taruwa. Maganin kuma ba tsada: ɓula ɗaya a ƙasa iska ta shigo, ɗaya a can sama dab da rufi ta fita waje, ba cikin falo ba. A sa raga saboda ɓera. Taga a tsakiyar bango ba ta kwashe abin da ya taru a samanta.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan tun da aka yanke muna wutar da ke zuwa daga Najeriya a 2023 mutane suka ruga sola, kuma irin wannan akwatin na Hajiya ya cika gari, har da na ƙarfe da ake sa ma kwaɗo saboda ɓarayi. Wani abokina mai cajin waya a tasha, batirinsa ya fashe a fuskarsa lokacin da ya cire kilif ana cikin caji. Allah Ya sa idonsa bai tafi ba, amma ruwan batirin ya ci masa riga da fatar wuya. Tambayata, in an sa ƙaramar fanka cikin akwatin ba ta wadatar ba?

Sani_MaiWayarin:
Ɗan Maraɗi, fanka tana taimako in tana turo iska daga ƙasa, ga kuma ɓula a sama. Kada a sa ta a bakin ɓular sama inda iskar batir za ta bi ta cikin motarta, don wasu ƙananan fankoki suna tartsatsi a ciki. Kuma fankar da ta dogara da wuta, ranar da ta tsaya ba wanda zai sani. Ni na fi yarda da ɓula.

Wannan ya dawo da mu kan Alhaji. Ka ce inbatarka tana rataye sama da batiran, a ƙarƙashin bene. Wato duk abin da batir ya fitar, cikin inbatar yake shiga, fankarta ma tana zuƙarsa. A ciki akwai abin da ke ƙyasta wuta duk lokacin da aka ɗauke Nepa ko aka kawo. Tururin asid kuma yana cin allonta a hankali. A matsar da ita gefe. In ta dawo kusa ta gefen, wayar ma ta gajarta, ka rage kuɗin jan ƙarfe. Sannan bene shi ne hanyar fitar mutanen sama in wani abu ya faru, wannan ma abin dubawa ne.

Alhaji_MaiKaya:
Duk wannan dogon lissafi, ku sayi lityum ku huta. Ba ruwa, ba wari, ba haidirojin.

Sadiq_Fanel:
Alhaji an zo talla ke nan. Gaskiya ne lityum mai kyau, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, ba ya fitar da iska a aikin yau da kullum kuma yana da wuyar kamawa. Amma kasuwa cike take da wanda aka harhaɗa da tsofaffin batiran laftof aka zuba a sabon akwati, wani ko BMS na kirki, wato allon da ke tsare batir daga wuce ƙima a caji da zafi, babu. Irin wannan in ya kama, ka kashe ya sake tashi. Kuma lityum ba ya gyara siririyar waya. In wayar Abban Hanifa ce, ko wane batir ka sa mata sai ta narke.

Tunda an taɓo ni, a duba rufi ma. Fanel shida in an jera su bolt ɗinsu yana haura 200, kuma muddin akwai rana suna ba da wuta ko an kashe komai a ƙasa. Na sha hawa rufi in tarar an haɗa wayar fanel da murɗi da salatif, ko an ja ta da wayar gida wadda rana ke farfasa wa roba, tana kwance a kan kwano mai zafi. A yi amfani da wayar sola ta ainihi mai mili 4 ko 6, da kawunan haɗa wayar fanel da ake kira MC4, iri ɗaya, da aka matse da kyau, kuma kada a taɓa zare su ana cikin caji.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Wani abu kuma, na duba ban ga fiyus ko bireka tsakanin batir da inbata ba. Akwai wata bireka ta gida mai 63 da ta rage min, in sa a ɗaura ta?

Dan_Zariya:
Sa mana, bireka ai bireka ce. Da babu gara ba daɗi.

Sani_MaiWayarin:
A'a, kada ka sa. Na farko, mai 63 za ta riƙa faɗuwa ne kullum tunda kana jan sama da 100. Na biyu, wutar Nepa tana zuwa tana komawa, sau ɗari a daƙiƙa tana sauka sifili, don haka in bireka ta buɗe, tartsatsin yana mutuwa da kansa. Wutar batir da ta fanel ba ta sauka. Birekar gida tana iya buɗewa wutar ta ci gaba da tsallakawa a cikinta har robar ta kama, musamman a layin fanel mai bolt da yawa. Nemi wadda aka yi don wutar batir da fanel, wadda aka rubuta DC a jikinta tare da bolt ɗin da take ɗauka, in tana da alamar + da − a bi su daidai. A layin batir ni na fi son fiyus, a ɗaura shi a jar waya kusa da batir iya yadda za a iya, a gefe ba a saman murafun ruwa ba. Aikinsa ya tsinke kafin waya ta kama, don batir irin naka in waya ta haɗu yana iya turo amfiya dubbai nan take.

Ni abin da zan sa maka: jan ƙarfe mili 35, kada ta wuce mita ɗaya da rabi, da fiyus mai 125. Har 'yar gajeriyar wayar da ta haɗa batir da batir ita ma 35, don amfiya ɗaya ce ke bin ta. Ita ake yawan mantawa.

Ummi_Injiniya:
A nan na saba da kai Malam Sani. Kai ka ce a auna da iyakar inbata. Wat 3000 a lissafinka amfiya 150 ne. Ga zafin sito. Ni 50 zan sa, da fiyus mai 150.

Sani_MaiWayarin:
Hajiya, a takarda kin fi ni gaskiya. Amma bakin yawancin inbatocin nan 50 ba ta shiga, sai ka ga yaro ya yanke rabin zaren don ta shiga, an koma gidan jiya. Kuma fiyus mai 125 zai tsinke kafin 35 ta wahala. Ban da haka, batir biyu masu 220 ba a yi su don a ja musu 150 ba. Ko 120 ɗin nan cin zalinsu ne, ba za su yi shekara biyu a haka ba. Wanda ke son guga da famfo lokaci ɗaya ya koma bolt 48, amfiyar ta rabe biyu.

Ummi_Injiniya:
To ai ka dawo kan maganar Dan_Zariya ta rage lodi, sai dai kai fiyus ka sa gadi. Ranar da ya tsinke da daddare, ka san abin da za a yi: za a ɗaure wurin da waya a ce gobe a sayo.

Dan_Zariya:
Alhamdu lillahi, yau dai an ce na yi daidai.

Maman_Ikram:
An auna namu. Uku suna 15 da wani abu, ɗaya yana 12 kuma ya kumbura ta gefe. An cire murfin akwatin gaba ɗaya. Mai gyaran ya ce a sayi ɗaya sabo a haɗa da ukun, wani kuma ya ce sabo ba ya zama da tsofaffi. Shekararsu biyu da rabi. Wanne zan bi?

Abban_Hanifa:
Ni ma ina jiran amsar Hajiya, don nawa ma za su kai nan. Na samu wani mai wayarin zai zo ranar Asabar. Na auna bakin inbatar, da alama 35 ce za ta shiga. Amma maganar fasa bangon sito, gidan haya ne, mai gidan kuma ya ce ba a taɓa masa bango. In na cire ƙofar siton na sa ta raga tun daga ƙasa har sama, ya wadatar, ko dole sai iskar ta fita waje?